Auna faɗin ramin doftel da fin biyu, da mayar da lissafi zuwa ainihin faɗin

Tambaya: Oga, barka da aiki. An kawo mini sirdin wani tsohon injin lat in yi masa sabon gib, ƙarfen nan da ake cusawa ya cike ratar da ke tsakanin bangon rami da namijin da ke shiga cikinsa. Ramin doftel ɗinsa, mai karkatattun bango da daɓensa ya fi bakinsa faɗi, zurfin milimita 12 ne. In na sa baniya a baki sai ta ba ni 46.5, in na matsa gaba ta ba ni 46.7, ƙasan kuma ba ta kaiwa lungu. Wani ya ce in sa fin biyu, wato mulmulallun sandunan ƙarfe, ɗaya a kowane lungu, in auna tsakaninsu. Na sa masu milimita 8, na samu 38.20. To yanzu me zan yi da wannan lambar? Kuma ban tabbata ko kusurwar 55 ce ko 60 ba.

Amsa: Barka kadai, ƙanena. Wanda ya ba ka shawarar fin ya san aiki, kuma lambar da ka samu ita ce mai amfani a duk ukun da ka lissafa. Waɗancan biyun na baki ka ajiye su gefe. Leɓen doftel siriri ne, shi ke fara cin duka, kuma kusan kullum za ka tarar an goge kaifinsa tun daga masana'anta don kada ya yanki hannu ko ya ɓantare. Duk abin da aka goge a leɓen nan yana ƙara wa baki faɗi ba tare da bangon ya motsa ba, shi ya sa baniya take ba ka abu daban a kowane wuri. Lungun ƙasa kuwa ko da baniyar ta kai, ba za ka same shi da tsini ba: ko dai yana da ɗan lanƙwasa daga bakin kota, ko an yanka masa ɗan kwari da gangan. Ke nan faɗin da ake rubutawa a zane yana tsakanin wurare biyu ne da babu su a jikin ƙarfen, wato inda daɓe da bango za su haɗu da a ce sun miƙe har ƙarshe. Ba a taɓa wurin da ma'auni, sai dai a kai gare shi da lissafi, kuma fin shi ne tsanin.

Dubi yadda fin ke zama a lungu. Yana taɓa daɓe a wuri ɗaya, yana taɓa bango mai karkata a wuri ɗaya, lungun kansa bai kusance shi ba. Tunda nisan tsakiyar fin daga daɓe daidai yake da nisanta daga bango, dole tsakiyar ta zauna a kan layin da ya raba kusurwar biyu daidai. Daga nan rabin kusurwa yake shigowa lissafi, kuma a nan ne masu koyo suka fi tuntuɓe, su sa 60 a inda ya kamata su sa 30. Ka zana 'yar alwatika a takarda: tsininta a lungu, tsayinta rabin kaurin fin, kusurwarta digiri 30. Gindinta shi ne nisan da ke tsakanin lungu da wurin da fin ya taɓa daɓe. Ga fin mai milimita 8, rabinsa 4 ne, ka raba 4 da tan na 30, wanda yake 0.5774, ka samu 6.928. Wannan ya kai ka ƙarƙashin tsakiyar fin ne kawai. Ma'auninka kuma gefen fin ya taɓa, don haka sai ka ƙara wani 4, ya zama 10.928. Gefe biyu ne, ka ninka, ka samu 21.856. Wannan shi ne abin da fin biyun suka cinye daga faɗin ramin.

A taƙaice ga shi, inda W ke nufin faɗin daɓe daga lungu zuwa lungu, M abin da ka auna tsakanin fin, D kaurin fin, A kuma kusurwar da ke tsakanin daɓe da bango:

```
W = M + D × (1 + 1 / tan(A/2))
```

Abin da ke cikin baka ba ya canjawa muddin kusurwar ba ta canja ba, saboda haka mutum yakan haddace shi. Na digiri 60 shi ne 2.7321, na 55 shi ne 2.9210, na 45 kuma 3.4142. Kafin ka danna komai a kalkuleta ka duba tana kan `DEG`. Gwajin da ya fi sauƙi shi ne tan na 45 ya ba ka 1 cif.

To in kusurwarka 60 ce, 38.20 da 21.856 sun ba da 60.056, mu ce 60.06. In kuwa 55 ce, 8 sau 2.9210 ya zama 23.368, faɗin ya koma 61.57. Bambancin ya wuce milimita ɗaya da rabi daga ma'auni guda. Ba sai an yi kuskuren digiri biyar ba ma: da fin mai 8, kowane digiri ɗaya da ka yi kuskure a kusa da 60 yana jefa ka kusan milimita 0.28 nesa da gaskiya. Wanda ya ɗora ma'aunin kusurwa irin na hannu a bangon da tsawonsa bai kai milimita 14 ba, ya ce ya karanta shi daidai har rabin digiri, ni ba zan yanka ƙarfe bisa maganarsa ba. Don haka kafin ka yarda da 60.06, sai ka sa ramin ya faɗa maka kusurwarsa da kansa.

Hanyar ita ce ka auna sau biyu da fin masu kauri daban. A ramin nan naka zan zaɓi masu 6 da masu 12, kuma akwai dalilin da ya sa na zaɓi ɗaya ya ninka ɗaya. Faɗin ramin bai canja ba tsakanin ma'aunin farko da na biyu. Abin da ya canja shi ne yawan abin da fin ya cinye, kuma wannan yana tafiya ne kai tsaye da kaurin fin. Ka ce da masu 6 ka samu 43.66, da masu 12 ka samu 27.27. Bambancin 16.39 ne. Ƙarin milimita 6 a kauri ya cinye 16.39, ke nan kowace milimita tana cin 2.732, lambar digiri 60 ke nan. Da 55 ce, da bambancin ya kai wajen 17.53, kuma ko baniya mai arha ba za ta ruɗa waɗannan biyun ba. In abin da ka samu ya faɗa tsakani, ka raba bambancin da 6, ka cire 1 daga lambar, ka raba 1 da abin da ya rage, ka danna `tan⁻¹`, ka ninka biyu, kusurwar ke nan. Kuskuren 0.02 a bambancin yana zama kamar kashi ɗaya cikin goma na digiri, wanda ya wadatar.

Ga daɗin ninkin. Tunda ƙarin 6 ya cinye 16.39, to fin mai 6 ɗin ma abin da ya cinye ke nan tun farko. Ka mayar wa 43.66 abinsa, ka samu 60.05, ba tan, ba kusurwa, ba kalkuleta. Ga shi a taƙaice, inda M1 da D1 suke na ƙaramin fin, M2 da D2 kuma na babban:

```
W = M1 + (M1 − M2)      in D2 = 2 × D1
```

Ni wannan nake fara yi a duk tsohon inji, sannan in gwada shi da na farko. In sun yarda da juna cikin 0.02 ko 0.03, hankalina ya kwanta. Abu ɗaya da hanyar ba ta nunawa shi ne in bango ɗaya 59 ne ɗayan 61. Za ta ba ka kusan 60 ta yi shiru. Faɗin daɓen zai fito daidai, amma gib ba zai kwanta ba, kuma wannan sai shuɗin gwaji zai tona shi.

Ba kowane kauri ne zai yi aiki ba, kuma ya kamata ka san dalili don gobe ramin zai zo da wani zurfi. A kusurwar 60, fin yana taɓa bango a tsayin kashi uku cikin huɗu na kaurinsa. Mai 8 yana taɓawa a tsayin 6, tsakiyar bangonka ke nan, zaɓinka ya yi kyau. Mai 12 yana taɓawa a 9, da saura milimita 3 kafin leɓe. Mai 16 kuwa a 12 zai taɓa, daidai kan leɓen da muka ce ba abin yarda ba ne, kuma lissafin ya rushe ba tare da wata alama ba. Ta ɗaya ɓangaren, leɓen ya rufo daɓe da milimita 6.93. Fin mai 4 gefensa yana nisan 5.46 daga lungu, ya ɓuya a ƙarƙashin rumfa, baniya daga sama leɓe za ta taɓa ba fin ba. Mai 6 ya leƙo waje da kusan 1.3, da ƙyar amma ya isa.

Sai maganar fin ɗin kansa. Ka ce mai 8 ne. Ka auna shi da maikuromita, ko abin da aka rubuta a jikinsa ka karanta? Duk kuskuren da ke cikin kaurin fin yana ninkuwa sau 2.73 kafin ya iso amsa. Mutane da yawa gindin bakin diril suke ɗauka don shi ke kusa, alhali gindin diril yakan gaza abin da aka rubuta kaɗan, ga tabon da haƙoran cok suka bar masa. In 7.96 ne ka lissafa da 8.00, ka ƙara wa ramin 0.11 da babu shi. Fin mai tauri da aka goga, irin wanda ake saita murfin inji da shi, ya fi, sai dai shi kuma yakan ɗara: mai 8 na ajin m6 yana tsakanin 8.006 da 8.015. Gindin kotar milin ma yana da kyau, haka sandunan cikin boris in ba su ci ba. Ko wanne ka samu, auna shi a wuri biyu ko uku, ka juya shi ka sake, ka yi lissafi da abin da ka gani. In biyun sun ɗan bambanta, ka ɗauki matsakaicinsu, lissafin zai fito daidai.

Datti shi ne ɗaya maƙiyin, kuma yana da hali guda da ya kamata ka riƙe: kullum ɓangare ɗaya yake tura ka. Ɓurɓushi a daɓe yana ɗaga fin, fin in ya ɗagu bango mai karkata yana turo shi ciki. Ɓurɓushi a bango kai tsaye yake turo shi ciki, har ma da ƙari, don kaurin 0.05 a bango yana zama kusan 0.06 a kwance. Ko ta ina, M raguwa yake, ramin ya yi kamar ya fi ƙanƙanta. Wanda ke yankan sabon rami sai ya ga kamar da saura, ya ƙara ci, ya wuce. Ya taɓa faruwa da ni a kan wani ɗan sirdi da na yi wa awa uku ina lallaɓawa; ɗan kaifin da kota ta tayar a ƙarshen ramin ne fin ya hau, ban lura ba sai da namijin ya shiga yana rawa. Tun daga ranar nake bin ƙarshen rami da dutsen washi, in wanke da kananzir, in share da yatsa, don yatsa na jin abin da tsumma ke tsallakewa. Saboda wannan hali, in ka auna sau uku a wuri ɗaya bayan cire fin da mayarwa ka samu lambobi daban, mafi girman nan ya fi kusa da gaskiya.

Kada ka haɗa wannan da karkatar ma'auni, wadda take aiki akasin haka. Fin na zaune daram, in ka karkata baniya tsakaninsu za ta karanta fiye da gaskiya, don haka a nan kana lilo da ita a hankali kana neman mafi ƙanƙanta. Wato wajen riƙon baniya ƙarami ake nema, wajen zaman fin babba ake nema. Baniya mai kyau a hannu mai kyau za ta kai ka cikin 0.02 zuwa 0.03, kuma ga gib mai sukurori wannan ya isa. In kana son abin da ya fi haka, ka cusa tubalan awo tsakanin fin ɗin har su shiga da ɗan jan hannu, ko faralel mai buɗewa, ka buɗe shi ya matse fin biyun cikin lungu, ka ɗaure, ka zare, ka auna da maikuromita. Wannan na biyun na fi so, don shi ke riƙe fin da kansa, hannunka biyu su huta. Wasu suna barin fin su leƙo ta ƙarshen rami su auna bayansu da maikuromita su cire kauri biyu. Yana yi, amma sai an tokare su daga ciki, in ba haka ba matsin maikuromita zai haɗe kawunansu.

Yanzu ga wurin da nake so ka tsaya ka yi tunani, don a nan ne ainihin faɗi yake da ma'ana biyu. 60.06 faɗin daɓe ne. Amma a yawancin sirdin inji daɓen ramin ba ya taɓa komai. Akwai rata tsakaninsa da kan namijin. Nauyi yana zaune ne a kan shimfiɗaɗɗun fuskoki biyu da ke gefen bakin ramin, su ke gogar kafaɗun namijin. Ka kifa sirdin ka duba inda ya yi sheƙi da inda alamar kota take nan yadda aka bar ta, za ka gani. In haka naka yake, faɗin da zai gaya maka kaurin gib shi ne na daidai wannan fuskar, wato bakin ramin da a ce leɓensa na nan da kaifinsa. Kowane bango yana shigowa ciki da zurfi raba tan na cikakkiyar kusurwa, a nan kam 60 ɗin ce ba rabinta ba. T shi ne faɗin bakin, H kuma zurfin ramin:

```
T = W − 2 × H / tan(A)
```

Zurfi 12, tan na 60 shi ne 1.7321, kowane gefe 6.928, biyu 13.856. Cire daga 60.056, saura 46.20. Kwatanta da 46.5 da 46.7 da baniya ta ba ka, ka ga abin da gogaggen leɓe ya so ya sa ka yi.

Sai dai wannan matakin ya jawo zurfi cikin lissafi, kuma "milimita 12" da ka faɗa ina zargin da ruwan baniya ko da rula ka same shi. Kuskuren 0.1 a zurfi yana zama 0.115 a T. Tunda daɓen ba fuskar aiki ba ce, masu ƙera injin ba lallai su damu da shi ba. Yana iya zama 12.00 a hagu, 12.15 a dama, musamman in an fafe tsakiya don sukurun tuƙi ya wuce, daɓen ya rabu biyu. Ka auna zurfin kowane gefe daban da ma'aunin zurfi, kusa da inda fin ya zauna, ka haɗa biyun a madadin 2 × H.

Namijin ya fi sauƙi, kuma shi ya sa nake cewa T ake nema. Ka kwantar da fin ɗin nan masu 8 a kafaɗunsa, su shige ƙarƙashin karkatar, ka auna bayansu da maikuromita. A nan fin ƙari suke yi, don haka 21.856 ɗin cirewa za ka yi, abin da ya rage shi ne faɗin wuyan namijin a daidai kafaɗa, wurin da bakin macen yake zama. Misali in ka samu 62.30, wuyan 40.44 ne. Cire shi daga 46.20, ratar 5.76 ce. Amma wannan a kwance aka auna ta, gib kuma a jingine yake da bango, kaurinsa daga fuska zuwa fuska ake aunawa. Ka ninka da sin na 60, wato 0.866, ka samu 4.99. Wannan shi ne gib da zai cike gurbin ba sauran numfashi. Wanda ya yanka 5.76 zai yini yana mamakin abin da ya hana shi shiga. In mai sukurori a gefe ne, ka yi shi ƙasa da haka, kamar 4.8, sukurori su cike sauran.

Tunda injin tsoho ne, ma'auni a wuri ɗaya ba zai wadatar ba. Yi amfani da gajerun fin, ka auna a gaba, a tsakiya, a baya, a macen da namijin duka; dogon fin yana haye kwarin da ci ya yi, ya ɓoye maka shi. A namijin, sau da yawa za ka tarar inda sirdin ya fi zirga-zirga ya fi sauran sirancewa. In bambancin ya kai 0.05, duk gib ɗin da ka yi zai matse a ƙarshe ya saki a tsakiya, kuma gyaran na namijin ne, kankara ko guga, kafin a zo maganar gib. A macen kuma, in ka ga M yana ƙaruwa a jere daga wannan ƙarshe zuwa wancan, da yawa ba kaɗan ba, kada ka ɗauka ci ne. Duba ƙarshen sirdin: in akwai gurbin sukuru guda da ke tura gib a tsawonsa maimakon jerin ƙanana a gefe, to an yi bango ɗaya a karkace da gangan don gib mai tsini. Sai ka rubuta nisan da ke tsakanin wuraren da ka auna, ka yi lissafin kauri a kowane ƙarshe daban, ka bar wa gib ɗin tsawo ya yi saura ta kowane ɓangare, ka yanke bayan ya gama zama.